Yada zango a Istambul: ƙasa biyu da biye guda

Fataken dauri ba su ratsa gari mai kasuwa su wuce ba su sauke kaya ba. Matafiyin jirgin sama kuwa sau da yawa yana kwana bisa kujera cikin filin jirgi, alhali babban birni yana nan bayan ƙofa. Wasu kampanonin jiragen sama sun lura da haka, suka fito da tsari wanda ke ba mutum damar yada zango a ƙasarsu kafin ya ci gaba da tafiya. Mutanen Aisilan sun soma shi tun shekarun 1960, ga masu ƙetare teku tsakanin Turai da Amirka, har yau kuma kampaninsu yana yarda a tsaya kwana 7 ba tare da ƙarin kuɗin jirgi ba. Ribar kampani a fili take: kujerunsa suna cika, otel-otel da ƴan kasuwar ƙasarsa suna samu.

Mu ɗauki misalin kampanin jiragen saman Turkiyya, wanda duk doguwar tafiyarsa ke bi ta Istambul. A shekara ta 2017 ya buɗe nasa tsari. Wanda ya sayi biye na zuwa da dawowa, kuma tsakanin saukarsa a Istambul da tashin jirginsa na gaba akwai aƙalla awa 20, yana iya samun kwana ɗaya kyauta a otel idan yana cikin kujerun kowa da kowa, kwana biyu idan yana cikin na manya. Sau ɗaya ake cin wannan moriya, ko a zuwa ko a dawowa. Sai kuma an nema tun da wuri, aƙalla awa 72 kafin tashi. Wanda ya bari sai ya sauka sa'an nan ya tambaya, ya makara.

Akwai sharaɗin da ya kamata a fara dubawa. Kampanin yana da jerin ƙasashen da tsarin ya shafa, kuma jerin yana sauyawa. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a sa mai sayar da biye ya tabbata cewa garin tashi da garin sauka suna ciki.

Yanzu mu yi lissafi. A ce wani ma'aikaci zai tafi taro Asiya, jirginsa ya sauka Istambul ranar Talata da ƙarfe 6 na safe, na gaba kuma zai tashi Laraba da ƙarfe 2 na dare. Awa 20 ke nan cif, ya cika sharaɗi. Amma fita daga hannun ƴan sanda da duwan tana iya cin awa guda ko fiye. Sabon filin jirgin, wanda aka koma cikinsa a 2019, yana da nisan wajen kilometir 40 daga tsohon gari, tafiyar awa guda ce ko fiye idan hanya ta cushe. Dole kuma ya dawo awa 3 kafin tashi. Abin da ya rage masa bai wuce wuni ɗaya ba, ga gajiyar daren jiya. Zai iya ganin Ayasofiya, wadda aka gama gininta a shekara ta 537 kuma aka mayar masallaci a 2020, ya taka zuwa masallacin Sarki Ahmad da ke fuskantarta, ya leƙa babbar kasuwa mai rufi. Da ranar Lahadi ce ya sauka, da kasuwar a rufe zai tarar da ita. A ganina, wanda ke da zaɓi ya ɗauki jirgin da zai bar masa dare cikakke da safiya, in ba haka ba gadon otel ɗin ba zai more shi ba.

Kyautar kuwa ɗakin kwana ce. Kuɗin mota daga filin jirgi, abincin rana da kuɗin shiga wuraren kallo duk daga aljihunsa za su fito. Babba cikinsu shi ne biza. Zama cikin filin jirgi bai bukatarta, amma fita gari shiga ƙasa ce, kuma mai fasfon Nijar irin na kowa sai da biza yake shiga Turkiyya. Kampani bai biyan kuɗinta, bai kuma nema wa kowa ita. Wanda ya iso da takardar otel a hannu babu biza cikin fasfo, a bisa kujera zai yi awa ashirin ɗinsa. Don haka a tara kuɗin biza da na mota da na abinci, a gwada da bambancin farashin biye, domin wani lokaci sauya ranar jirgi na biyu yana ƙara tsada.

A tambayi batun kaya tun wurin awo: shin za su wuce kai tsaye, ko za a karɓe su a Istambul? Magani da tufafin sauyi dai su zauna cikin jakar hannu. Kada kuma kallon gari ya ɗauke hankali har jirgi na biyu ya tashi. Bisa ƙa'idar yawancin kampanoni, wanda bai hau wani sashe na tafiyarsa ba, ana soke duk sauran, har da na dawowa gida.