Ruwan Faya: Jariri Ke Yin Sa, Shi Ke Shanye Shi

Ba a cika tunawa da ruwan faya ba sai ranar da ta fashe, alhali tun watanni jariri na kwance a cikinsa. Shi ke tare masa bugu, ya ba shi sararin motsa gaɓoɓi, ya kuma hana cibiya matsewa. Daga kusan mako na 20, yawancin ruwan nan fitsarin jaririn ne. Kada mai karatu ya yamutsa fuska, ba irin namu ba ne, domin mabiya ce ke kwashe dattin jininsa. Yana fitsarawa, ya haɗiye, ya sake fitsarawa. Wajen mako na 34 zuwa 36 ruwan kan kai kusan mililita 800, daga nan ya fara ja da baya.

Saboda haka idan ruwa ya yi kaɗan, likita kan tambayi abu biyu: zuba yake yi, ko jariri ne ba ya fitsari sosai? Mai hawan jini, alal misali, mabiyarta kan gaza kai wa jariri isasshen jini, sai ƙodarsa ta rage aiki. Haka ma cikin da ya zarce lokacinsa. Mafi muni shi ne ƙarancin tun ciki na ƙarami, don huhu ba ya girma sai da ruwan. A 1946 likita Edith Potter ta Chicago ta bayyana jariran da aka haifa babu ƙoda, waɗanda rashin girman huhu ke kashe su jim kaɗan da haihuwa.

Yawansa kuma? A ɗauki mace mai cikin mako 32, cikinta ya ɗame yana sheƙi, numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta. Mai sikanin zai raba cikin gida huɗu, ya auna zurfin ruwan kowane gida, ya haɗa. Santimita 5 zuwa ƙasa ƙaranci ne, 25 zuwa sama kuwa ya yi yawa. Idan nata ya kai 28, za a fara da gwajin suga, tunda sugan uwa na sa jariri yawan fitsari. Sannan a duba ko yana haɗiya, don wani akan haife shi da toshewar hanyar abinci. Sau da yawa ba a samun dalili, kuma a haihu lafiya. Duk da haka asibiti ya kamata ta haihu: cibiya na iya rigan jariri fitowa, mahaifar da ta buɗe da yawa kuma takan yi nawar tsukewa, jini ya ɓalle.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ɗigar ruwa kafin naƙuda, a ce ai zaƙi ne ke fita, a ci gaba da jiƙe-jiƙe. Faya idan ta huje, ƙwayoyin cuta sun samu hanya. Ruwan da ke jiƙa zane ba ya tsayawa, ko mai launin kore, a ranar ake kai shi asibiti, ba a jiran ranar awo.