Yadda hashtag zai riƙa sauya kansa a fostin da ka tsara

Yau da masu kula da shafuka nake, musamman mai tsara fostin na wata guda a zama ɗaya, ya kwafi hashtag iri ɗaya ya manna ko'ina. Sai ka ga maganar taki ɗauke da #Ilimi. Google Sheets kaɗai ya isa ya raba ka da wannan.

A ce shafinka na magana kan ilimi, noma da lafiya. Buɗe shafi ka sa masa suna Tags. A layin A rubuta batutuwan uku, a B da C da D kuma ka ba kowane batu rukuni uku na hashtag daban-daban. Kowane rukuni huɗu ko biyar sun wadatar.

A shafi na biyu, A ranar fita, B batu, C rubutunka. Sai ka sa wannan a D2, ka ja shi ƙasa:

```
=INDEX(Tags!B:D,MATCH(B2,Tags!A:A,0),MOD(COUNTIF(B$2:B2,B2)-1,3)+1)
```

Kar tsawonsa ya tsorata ka. MATCH yana nemo batun. COUNTIF yana ƙirga sau nawa batun ya fito zuwa nan. MOD kuma shi ke mayar da ƙirgar farko idan ta wuce uku. Wato fostin noma na farko ya ɗauki rukunin B, na biyu C, na uku D, na huɗu ya dawo B.

To me ya sa muke ƙirga batu, ba lambar jeri ba? Nan ne mutane ke zamewa. Idan ka bi lambar jeri, kuma tsarinka ilimi, noma, lafiya ne a jere kullum, to noma zai riƙa faɗowa bayan kowane jeri uku, ya ci karo da rukuni ɗaya har wata ya ƙare. Kana ganin kamar abin yana juyawa, alhali yana tsaye cak. Gwajin mai sauƙi ne: duba fostin noma uku a jere, in hashtag ɗinsu ɗaya ne, ƙirgarka ce ta karkace.

In ka ga `#N/A`, sunan batun ne bai yi daidai da na Tags ba, galibi ɗan fili ne ya maƙale a ƙarshen kalma.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu tarkon. Hashtag yana yankewa a kan alamar ɗauri, don haka #Sana'a zai zama #Sana kawai. Cire alamar tun a Tags.

Daga nan haɗa rubutu da hashtag a E2 da `=C2&" "&D2`, ka jera komai yadda manhajarka ke so, ka sauke a CSV. Hootsuite, misali, tana karɓar irin wannan fayil. Amma fa da zarar ka ɗora, gyaran da ka yi a Tags ba zai taɓa fostin da ke jiran lokacinsa ba. Sai dai ka shiga manhajar ka gyara shi a can.