Harafi ɗaya a hoton tambaya ya sauya amsar gado

Bayan sallar isha'i 'yar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare tana shirin jarrabawar WAEC, ta turo mini hoto ta WhatsApp. Wata tambayar bayoloji ce da ƙawarta ta kwafa da hannu daga allo, ita kuma ta ɗauki hoton littafin da waya a ƙarƙashin fitila. A ƙasan hoton ta rubuta: "Kawu, na san amsar 9:3:3:1 ce, gidajen kawai nake so ka cike mini." Da na buɗa hoton na dube shi da kyau, sai na ga ba amsar ke nan ba. Harafi ɗaya ne ya yaudare ta.

Kafin mu koma kan hoton, bari mu ga inda wannan 9:3:3:1 ɗin ya samo asali, domin ɗalibai da yawa sun haddace shi kamar lambar waya, ba su san sharaɗin da ke tattare da shi ba.

Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Czech ta yanzu, ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake na ƙasar Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Cikin siffofin da ya bi diddigi akwai guda biyu da har yau su ne ake yawan kawowa a jarrabawa: ko ƙwayar waken mai santsi ce ko yamutsattsiya, sannan ko rawaya ce ko koriya. Kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu a jikin tsiro, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ana rubuta mai rinjaye da babban harafi, wadda ake rinjaya da ƙarami. Santsi shi ne R, yamutsewa r. Rawaya Y, kore y. Idan babban harafi ya haɗu da ƙarami, siffar babban ce ke bayyana, ɗayar ta laɓe tana jiran wani ƙarni. Saboda haka RR da Rr duk masu santsi ne a ido, sai rr kaɗai ke yamutsewa. Haruffan su ne jinotayif, kalmar da muka saba ji a wajen gwajin jini kafin aure. Abin da ido ke gani kuwa, wato kamannin waken, shi ne finotayif, kuma shi tambayar ke nema.

Jadawalin da ake zanawa ya ɗauki sunan Reginald Punnett, masanin gado na jami'ar Cambridge a farkon ƙarni na 20. Idan siffa ɗaya ake bi, gida huɗu ne, kamar yadda ake zana wa masu AS da AS a nuna musu yadda SS ke fitowa. Idan siffa biyu ake bi a lokaci guda, gidajen kan kai goma sha shida.

A ganina cike gidajen shi ne mafi sauƙi a aikin. Inda ake faɗuwa shi ne wajen fitar da abin da kowane mahaifi zai iya bai wa ɗa. Tsiro mai RrYy ba ya miƙa duka haruffansa huɗu. Yana ba da harafi ɗaya daga ɓangaren santsi, ɗaya daga ɓangaren launi. To R za ta iya tafiya da Y ko da y, haka ma r. Ke nan ƙwayoyin haihuwarsa iri huɗu ne: RY, Ry, rY, ry. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta Rr da Yy a gefen jadawali, wato ya tsaga jinotayif ɗin biyu daga tsakiya kamar goro. Wanda ya yi haka ya riga ya ɓata, domin zai haifar da tsiron da ke da haruffan santsi huɗu amma babu ko ɗaya na launi. Gwajin mai sauƙi ne. Duk ƙwayar haihuwar da ka rubuta, ka tabbata akwai R ko r guda ɗaya a ciki, akwai Y ko y guda ɗaya.

Idan iyayen biyu duka RrYy ne, sai a jera huɗun a sama, a jera huɗun a gefe, a haɗa su gida-gida:

```
     RY    Ry    rY    ry
RY  RRYY  RRYy  RrYY  RrYy
Ry  RRYy  RRyy  RrYy  Rryy
rY  RrYY  RrYy  rrYY  rrYy
ry  RrYy  Rryy  rrYy  rryy
```

A kowane gida a haɗa haruffan santsi waje ɗaya, na launi waje ɗaya, babba kafin ƙarami. Wannan tsari ba ado ba ne, shi ke sa ƙidaya ta yi sauƙi. Ni nakan fara da abin da ya fi ƙaranci. Mai rryy, yamutsattse kore, gida ɗaya ne tak a kusurwar ƙasa. Masu rr da babban Y aƙalla ɗaya, yamutsattsu rawaya, gida uku. Masu yy da babban R, masu santsi kore, su ma uku. Sauran tara duk suna da babban R da babban Y, masu santsi rawaya. Tara da uku da uku da ɗaya sun ba da goma sha shida. Idan jimillarka ba ta kai haka ba, ka tsallake wani gida ko ka ƙirga shi sau biyu.

Mendel da kansa ya ƙirga ƙwayoyi 556 daga irin wannan barbara. Ya sami masu santsi rawaya 315, masu santsi kore 108, yamutsattsu rawaya 101, yamutsattsu kore 32. Da lissafi zai tafi daidai wa daida, da na farkon sun kusa 313, na ƙarshen sun kusa 35. Bai zo cif-cif ba, kuma ba a sa ran ya zo. Jadawalin yiwuwa yake nunawa, kamar jefa kwabo. Ba alkawari ba ne cewa duk ƙwaya goma sha shida sai an sami ɗaya yamutsattsiya koriya a ciki.

Yanzu mu koma kan hoton. Mahaifi na farko a bayyane yake, RrYy. Na biyun kuwa ita ta karanta shi RrYy, ni kuma na ga kamar Rryy ne. A rubutun hannu babban Y da ƙaramin y kusan siffa ɗaya suke, bambancin kawai tsayi da inda wutsiyar ta sauka a kan layi. Takardar ta ɗan lanƙwashe, hoton kuma an ɗauke shi a karkace, sai layin ya ɓace. Irin wannan rikici ya fi yawa a haruffan S da C da W da P, kuma masu tsara tambaya suna amfani da su sosai. R da r, ko T da t, ba su cika ruɗa mutum ba.

Ba sai an yi ta ƙura wa harafin ido ba, domin kalmomin tambayar sukan raba gardama. Na ce mata ta karanta mini layin farko. Ya ce an barbari tsiro mai ƙwaya mai santsi rawaya da wani mai santsi kore. Na tambaye ta, "To tsiron da ƙwayarsa koriya ce, zai iya ɗaukar babban Y?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "A'a Kawu, da yana da shi da rawaya ne." Magana ta ƙare ke nan. Kore dole yy ne, don haka mahaifi na biyu Rryy ne.

Daga nan jadawalin ya sauya. Rryy ba shi da abin bayarwa a ɓangaren launi sai ƙaramin y, saboda haka ƙwayoyin haihuwarsa iri biyu ne kawai, Ry da ry. Gida takwas ya wadatar:

```
     RY    Ry    rY    ry
Ry  RRYy  RRyy  RrYy  Rryy
ry  RrYy  Rryy  rrYy  rryy
```

Muka ƙirga tare. Masu santsi rawaya uku: RRYy ɗaya da RrYy biyu. Masu santsi kore uku: RRyy ɗaya da Rryy biyu. Yamutsattse rawaya ɗaya, yamutsattse kore ɗaya. Amsar ita ce 3:3:1:1. Wanda malaminsa ya fi son gida goma sha shida zai iya maimaita kowane layi sau biyu, ya sami 6:6:2:2, ya rage shi zuwa abu guda. Sai dai na ja kunnenta kada ta rubuta lambobin tsirara. A rubuta kowace lamba da siffarta a gefe: uku masu santsi rawaya, uku masu santsi kore, haka har ƙarshe. Lamba ba siffa ba ta nuna wa mai duba takarda cewa ɗalibi ya san wanne ne wanne.

Akwai hanyar tantance amsa da nake so ƙwarai, domin ba ta cin minti ɗaya. A raba siffofin, a yi kowace ita kaɗai. Rr da Rr suna ba da santsi kashi uku cikin huɗu, yamutsewa ɗaya cikin huɗu. Yy da yy suna ba da rawaya rabi, kore rabi. Sai a ninka: 3/4 × 1/2 = 3/8 na masu santsi rawaya, 1/4 × 1/2 = 1/8 na yamutsattsu kore. Ya yi daidai da jadawalin. Da wannan dabara za ka ga cewa 9:3:3:1 ba komai ba ne illa 3:1 da aka ninka da 3:1, kuma RrYy da rryy za su ba da 1:1:1:1.

Ninkawar tana aiki ne bisa sharaɗi, wato siffofin biyu kowace tana tafiya da ƙafarta, ba ruwan ɗaya da ɗaya. Haka yake idan ƙwayoyin gadon suna kan kuromosom daban-daban, ko suna nesa da juna sosai a kan guda. Idan maƙwabta ne sukan tafi tare. Punnett ɗin da kansa, tare da William Bateson da Edith Saunders, sun ci karo da haka wajen 1905 a wani furen lambu, inda launin fure da siffar garin barbara suka ƙi rabuwa yadda lissafi ya ce. Haka kuma lambobin kan sauya idan babu harafin da ya rinjayi ɗan'uwansa gaba ɗaya, kamar furen da ja da fari ke haifar da ruwan hoda. Tambaya takan faɗi irin wannan a layin farko ko na ƙarshe, kuma su ne layukan da hoton gaggawa ya fi yankewa.

Don haka ɗalibin da zai tura tambayar gado ga malami ko yaya, ya shimfiɗa takardar sosai, ya ɗauki hoton daga sama a wuri mai haske, ya tabbata tambayar ta fito daga kalmar farko har ta ƙarshe. Sannan ya buga jinotayif ɗin iyayen biyu da kansa a ƙasan hoton, babban harafi da ƙarami kowanne a bayyane.