Kafin Kankare Ya Rufe Rodi: Abin da Rahoton Duba Gini Yake Ƙunsa

Duk wanda ya taɓa gina bene ya san ranar zuba dekin. Tun asuba injin kwaɓa kankare yake ruri, leburori sun jeru da kwanuka a kai, masu abinci sun kafa tukwane a bakin hanya, mai gini yana ta amsa gaisuwar fatan alheri. Sai dai ranar da ta fi ta muhimmanci ita ce jajiberinta, wadda ba a yi mata taro. A ranar ce kaɗai ido zai iya ganin kowane rodi a inda aka ɗaure shi. Da zarar kankare ya sauka, an rufe babin. Abin da aka yi daidai da abin da aka yi ha'inci duk sun shige ciki, kuma fulasta da fenti za su zo su mayar da su kamar juna.

Wannan ne ya sa injiniyoyi suke rubuta rahoton ziyarar wurin gini. Takarda ce da ba ta cika wuce shafi uku ko huɗu ba, wadda take faɗin abin da aka gani, da aibin da aka samu, da gyaran da za a yi, da wanda zai yi shi. Na taɓa bin wani injiniya zuwa irin wannan dubawa a wani gida mai hawa ɗaya a bayan garin Kano, kuma da abin da na gani ranar nan nake son bayyana yadda aikin yake.

Kafin ya taka tsani, sai da ya cika saman takardarsa: kwanan wata, lokacin isowa, yanayin gari, matakin da aiki ya kai, sunayen waɗanda ya tarar, da lambar zanen da ake aiki da shi. Wannan na ƙarshe yana da dalili. Zanen gini yakan canza sau biyu ko uku kafin a gama, kuma ba sabon abu ba ne a tarar da mai ɗaurin rodi yana riƙe da tsohon kwafi a aljihu alhali an fitar da sabo. Yanayin gari ma yana da amfani, domin kankaren da aka zuba cikin zafin watan Afrilu ko iskar hunturu yana saurin bushewa ta sama, kuma idan tsaga ta bayyana daga baya, za a koma ga wannan layin a nemi dalili.

Da muka hau, sai ya warware tef ɗinsa. Zane ya ce rodi mai kaurin milimita 12, a bar tazarar milimita 150 tsakanin kowane biyu. A saman falo, tef ya nuna 200. Mai kallo zai ce ai bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba. Amma a lissafa: a faɗin mita uku, tazarar 150 tana cin rodi 21, tazarar 200 kuwa 16. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen da aka tsara wa wurin ya tafi, kuma falo ne ɗaki mafi faɗi a gidan, inda dekin ya fi buƙatar ƙarfe. Foman ya ce, “Injiniya, haka muke yi ko'ina, ba mu taɓa samun matsala ba.” Injiniya bai ja maganar ba. Ya shimfiɗa tef a kan rodin, ya ɗauki hoto yadda lambobin suka fito sarai, ya ja da baya ya ɗauki wani da ya nuna ɗakin gaba ɗaya.

A nan na gane yadda hoton rahoto ya bambanta da wanda ɗan kwangila yake turo wa mai gini ta waya. Na ɗan kwangila yakan nuna gini daga nesa, ya tashi, ya yi kyau. Na rahoto kuwa shaida ne, don haka kowane aibi yana samun hoto biyu, ɗaya na nesa da zai nuna wurin, ɗaya na kusa da zai nuna girman abin, da tef ko biro a gefe don a san ma'auni. Kowane hoto yana da lamba da bayanin layi ɗaya a ƙasansa. Hoton tsaga ba tare da ma'auni ba, babu mai iya cewa zare ce ko yatsa zai shiga.

Aibi na biyu shi ne rodi yana kwance kai tsaye a kan katako. Ya kamata a ɗaga shi da 'yan gutsattsarin siminti da magina ke kira biskit, domin kankare ya zagaye shi ta ƙasa da kaurin milimita 20 zuwa 25. Wannan 'yar rigar ce take kare ƙarfe daga damshi da wuta. Idan babu ita, rodi yakan yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon bene ya ga silin ya ɓare, jan rodi a waje, to sakamakon rashin biskit yake kallo. Gyaran bai fi aikin awa biyu ba a ranar, amma bayan shekara goma sai an fasa.

Na ukun ne ya sa injiniyan ya daɗe a tsugune. Gidan yana da baranda da ta fito waje da mita ɗaya da 'yan kai, babu fila a ƙarƙashinta. A irin wannan wuri ƙa'idar ɗaurin rodi takan juye. Ka riƙe kara ta gefe ɗaya, ka danna ɗaya gefen ƙasa, za ka ga ta sama yake fara tsagewa, dab da hannunka. Haka baranda take, nauyi yana jan samanta, don haka babban rodinta a sama ya kamata ya zauna, a kan ƙafafun ƙarfe da za su riƙe shi kada a taka shi ya nutse. A wannan gidan an shimfiɗa shi a ƙasa kamar na sauran ɗakuna. Rodin yana nan, adadinsa ya cika, an biya kuɗinsa, amma a inda yake ba zai yi aikin komai ba. Irin wannan baranda takan iya karyewa ranar da aka cire katakon da ke tokare da ita, ko ranar biki da mata suka taru a kanta suna leƙen ango.

Ga yadda ya shigar da shi, domin a salon rubutun ne amfanin rahoto yake. Bai rubuta cewa aikin baranda bai yi kyau ba. Ya rubuta wurin: barandar gabas, hawa na ɗaya. Ya rubuta abin da zane ya ce da abin da ya gani, ya sa lambobin hotuna. Sannan gyara: a kwance rodin, a mayar da shi sama, a sa masa ƙafafu, a tabbatar ya shiga cikin dekin ɗin ɗaki gwargwadon tsawon da zane ya nuna. Mai alhakin gyara, ɗan kwangila. Wa'adi, kwana biyu. A ƙarshe ya ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: ba a yarda a zuba kankare ba sai an sake dubawa.

Wannan jimlar ce ta tayar da hankali. An riga an biya kuɗin hayar inji, an yi wa leburori alkawari, tifar tsakuwa tana hanya. Mai gini da kansa ya kira yana roƙo, “Don Allah injiniya a duba, a bari a zuba, in ya so a gyara daga baya.” A ganina nan ne ake gane injiniyan gaske, domin kankare ba shi da daga baya. Asarar kwana biyu tana da ciwo, amma ba ta kama ƙafar fasa dekin ba, balle rai.

Rahoto mai kyau yana bambance manyan aibobi da ƙanana. A wannan ziyara an kuma lura da tarin bulo da ya toshe hanya da leburori biyu marasa takalmi, an rubuta su, amma ba su hana aiki ba. Idan aka jera komai da murya ɗaya, mai karatu ba zai san wanne ne zai iya kisa ba.

Bayan kwana biyu injiniyan ya koma, ya tsaya a wuraren da ya tsaya da farko, ya sake ɗaukar hotuna. A sabon rahoto kowane aibi ya fito da tsohuwar lambarsa, a gabansa an rubuta an gyara ko ba a gyara ba. Wannan komawar ita ce mutane suka fi tsallakewa, kuma rahoton da ba a koma an rufe shi ba, tarin takarda ne kawai.

Ranar zubi ma tana da nata rubutun. An tsara kwaɓi na ɗaya, biyu, huɗu, wato buhun siminti mai kilo 50 da kimanin kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ana ƙirga kwanukan, ana kuma sa ido a kan ruwa, domin leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin ɗauka, alhali yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Ana ɗibar samfuri a zuba a 'yan akwatuna masu milimita 150 ta kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na cikakken ƙarfi, don haka yana ba da gargaɗi da wuri. Sai ban ruwa na aƙalla mako ɗaya. Idan an cire katakon gefe aka ga ramuka kamar saƙar zuma, alamar ba a girgiza kankaren sosai ba ke nan, kuma dole a rubuta shi kafin birkila ya shafe wurin da siminti.

Rahoto yana da iyaka. Yana faɗin abin da ido ya gani ne a ranar da aka zo, ba ya ganin abin da aka binne jiya, kuma ba ya tilasta wa kowa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40. Bayan rushewar ne wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun watan Fabrairu na 2020, yana janye hannunsa, yana kuma cewa ba shi da sakamakon gwajin kankare. An yi gargaɗin a rubuce, aiki ya ci gaba.

Saboda haka, kai mai gini, musamman wanda yake aiko da kuɗi daga nesa, ka nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, wanda kai kake biyansa, ba ɗan kwangila ba. Ka sa ya duba ramin harsashi kafin a zuba, filoli kafin a rufe su da katako, da dekin a jajiberin zubi. Ka karɓi rahoto a rubuce da sa hannunsa da hotuna, ka karanta da kanka, kuma kada ka saki kuɗin mataki na gaba sai ka ga an rubuta “an gyara” a gaban kowane aibi.