Tan nawa na ruwa ke kwance a cikin bututu?

Wanda ya ga bututun ruwa a gefen titi ba lallai ya kawo a ransa cewa akwai dubban tan a cikinsa ba. Lissafin kuwa abu biyu kawai yake nema: faɗin bakin bututun daga ciki, da tsawonsa. Ruwa ya sauƙaƙa aikin, domin lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, lita 1,000 kuma tan ɗaya.

Idan D shi ne faɗin ciki, L kuma tsawo, duka a ma'aunin mita, nauyin ruwan cikakken bututu a kilo shi ne:

```
785 × D × D × L
```

A ɗauki bututu mai faɗin milimita 600, wato mita 0.6, mai tsawon kilomita 10. Kowace mita ɗaya tana riƙe da kusan kilo 283, wato jarka 11 masu lita 25 da ɗan ƙari, kusan lodin kurar ɗan garuwa. Kilomita goman kuwa tan 2,826 ne, abin da zai cika tanka 283 masu lita 10,000.

Abin lura shi ne D sau biyu ya fito a lissafin, L sau ɗaya. In aka ninka tsawo, nauyi ninkawa kawai zai yi. In faɗi aka ninka, sau huɗu zai tashi. Ga yadda yake a kilomita 10:

- faɗin milimita 300: tan 707
- faɗin milimita 600: tan 2,826
- faɗin milimita 1,200: tan 11,304

Shi ya sa manyan bututun da Libiya ta shimfiɗa don janyo ruwa daga ƙarƙashin Sahara, masu faɗin mita 4, kowace mita ɗaya take ɗauke da fiye da tan 12.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne a faɗin. Bututun roba da faɗinsa na waje ake kiransa a kasuwa. Mai milimita 110 wanda kaurin jikinsa ya kai milimita 10, cikinsa 90 ne kacal. Mai lissafi da 110 zai sami lita 9.5 a mita, alhali gaskiyar lita 6.4 ce.

Nauyin ruwan da ke cikin bututu ne ke faɗa wa injiniya ƙarfin ginshiƙan da zai kafa inda bututu zai haye rafi: a misalinmu, tazarar mita 6 tana ɗaukar tan 1.7 na ruwa, ban da nauyin ƙarfen. Shi ne kuma ke bayyana abin da mutanen ƙarshen layi suka sani. In bututun ya bushe, injin da ke tura lita 100 a daƙiƙa sai ya yi kusan awa 8 kafin ya cika shi. Kafin nan, iska kawai famfonsu zai riƙa hurowa.