Yadda Ake Raɗa wa Mutanen Ƙagaggiyar Masarauta Suna

Bahaushe ya ji Ladi da Ɗanladi, ko Jummai da Ɗanjuma, ya san 'yan ƙasa ɗaya ne, har ranar haihuwarsu ya sani. Sunayen kowace al'umma suna da ƙirarsu, kuma kunne yana gane ta tun kafin hankali ya kai. Marubucin da ya ƙago masarautar da ba ta taɓa wanzuwa ba, wannan ƙirar ce sai ya gina da hannunsa.

Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne J.R.R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955. A ciki akwai masarautar Rohan ta mahaya dawaki, kuma daga tsohon Ingilishi ya ɗebo sunayenta. Sarkinsu Théoden ne, ɗansa Théodred, ƙanwarsa Théodwyn. Ita ta auri Éomund, suka haifi Éomer da Éowyn. Gaɓar "éo" daga kalmar doki ta fito, "wyn" kuwa farin ciki take nufi, kuma ƙarshen sunan mata ne. Ko mai karatu bai san wannan ba, zai ji cewa 'yan gida ɗaya ne. Da an ambaci Boromir da Faramir, zai ji an shiga wata ƙasa, wato Gondor.

Ba sai mutum ya zama masanin harshe ba. A ce marubuci ya ware baƙaƙe shida, k, l, m, n, r, z, da wasula uku, a, i, u. Sai ya kafa doka: suna ba ya wuce gaɓa uku, 'yan sarki suna farawa da "Zar", mata suna ƙarewa da "ni". Nan take ga Zarkil da ƙanwarsa Zarini, ga baiwa Kulani, ga maƙeri Murak. Ranar da wani Bosteg ya iso ƙofar fada, ba sai an ce baƙo ne ba, sunansa ya riga ya faɗa. Sai dai a furta kowane suna da ƙarfi, don kada ya yi karo da wata kalmar ban dariya ko ta batsa a harshen masu karatu.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne kamar ta yi yawa har manyan taurari biyu su rikice. Wannan ya sami Tolkien kansa: mugaye biyu, Sauron da Saruman, harafin farko ɗaya, amo kusan ɗaya. A fim ɗin zane na Ralph Bakshi na 1978, saboda gudun ruɗani, an riƙa kiran Saruman da "Aruman" a wurare da dama.