Tambayar da Ba Ta da Amsa, da Wadda Amsarta Ba Ta Ƙirguwa

Ɗaure ƙaramin dutse a bakin igiya mai tsawon kusan mita ɗaya, a rataye shi, a ɗan tura shi. Zai tafi gefe ya dawo tsakiya cikin daƙiƙa ɗaya. A tura shi da ɗan ƙarfi fiye da haka, zai ƙara nisa, amma dai cikin daƙiƙa ɗaya zai dawo. Galileo ne ya yi fice da lura da wannan hali na abin lilo, kuma a kansa aka gina agogon bango na da. A cikin wannan hali kuma akwai amsar wata tambaya da ke ɗaure wa ɗaliban lissafi kai: me ya sa wani lissafin ba ya da amsa sam, wani kuma amsoshinsa ba su ƙirguwa?

Motsin dutsen yana bin doka guda. Duk yadda ya yi nisa da tsakiya, haka ƙarfin da ke jawo shi baya yake ƙaruwa. Idan y shi ne nisansa daga tsakiya, t kuma lokaci a daƙiƙa, masana na rubuta dokar kamar haka: y'' + π²y = 0. Alamar y'' tana nufin saurin da gudun dutsen ke sauyawa, wato sauyin sauyi, shi ya sa ake cewa lissafin na mataki na biyu ne. Duk wani motsi da ya bi dokar yana da siffar y = A sin(πt) + B cos(πt), inda A da B lambobi ne biyu da dokar ba ta tsayar ba. Sai an kawo ƙarin bayani biyu kafin a san su.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba da bayanan biyu a lokaci guda: inda dutsen yake a farko, da gudun da ya tashi da shi. A nan babu gardama. An tabbatar tun ƙarni na 19 cewa irin wannan tambaya tana da amsa, kuma guda ɗaya tak.

Lamarin yana sauyawa idan aka raba bayanan gida biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. A ce dutsen yana wuri kaza yanzu, ana kuma so ya kasance a wuri kaza bayan lokaci kaza. Wannan ita ce matsalar sharuɗɗan iyaka. Ba a faɗi ƙarfin turawa ba. Shi ne abin nema.

A fara da dutsen a tsakiya, wato y(0) = 0. Wannan sharaɗi ya tilasta B ya zama sifiri, saura y = A sin(πt). Idan ana so bayan rabin daƙiƙa dutsen ya kasance santimita 10 daga tsakiya, sin(π/2) ɗaya ne, don haka A = 10. Amsa ɗaya ce, an gama.

Yanzu a mayar da wa'adin daƙiƙa ɗaya cur, a ce har yanzu santimita 10 ake so. Sin(π) sifiri ne, ke nan ana neman lambar da za a ninka da sifiri ta ba da 10. Babu ita. Ko yaya aka tura dutsen, a wannan lokacin yana tsakiya. Idan kuwa aka ce tsakiyar ake so ya kasance bayan daƙiƙa ɗaya, to kowane A ya cika sharaɗi: 2, 7, har da sifiri, wato dutsen da ba a taɓa ba. Doka ɗaya ce, wurin tashi ɗaya, amma an sami amsa ɗaya, an rasa amsa, an kuma sami amsoshi marasa iyaka.

Dalilin shi ne sharaɗin ƙarshe yana iya tsayar da A ne kawai idan sauya A yana sauya inda dutsen zai kasance. A daƙiƙa ɗaya wannan alaƙa ta yanke. Daga nan ne aka sami gwajin da ake jingina wa Ivar Fredholm, masanin lissafi ɗan Suwidin, wanda babban aikinsa ya fito a 1903. A mayar da sharuɗɗan iyaka duka sifiri, a cire duk wani ƙarfi na waje, sannan a duba. Idan amsar da ta rage ita ce y = 0 kaɗai, to ainihin tambayar tana da amsa guda, ko waɗanne lambobi aka sa. Idan kuwa akwai wata amsa da ba sifiri ba, kamar sin(πt) a nan, ɗayan biyu ne: ko babu amsa, ko ba ta ƙirguwa.

Hatsarin yana nuna alama tun kafin a isa gare shi. Da an sa wa'adin daƙiƙa 0.99, akwai amsa guda, amma sin(0.99π) kusan 0.0314 ne, sai A ya haura santimita 300, ninki uku na tsawon igiyar kanta. Mai lissafi da kwamfuta da ya ga amsarsa ta kumbura haka, ko ta yi tsalle saboda ɗan gyara a lambobin da ya shigar, ya san ya matso kusa da wurin da amsa ke ɓacewa.

Wannan doka ce Leonhard Euler ya tarar a 1744 lokacin da yake nazarin siririn ginshiƙi da aka ɗora wa nauyi. A nan y shi ne lanƙwasar ginshiƙin, kuma sifiri ne a sama da ƙasa, inda aka riƙe shi amma yana iya karkata. Muddin nauyin bai yi yawa ba, amsa ɗaya ce: ginshiƙi a miƙe. Da nauyi ya kai P = π²EI/L², sai amsa mai siffar baka ta bayyana. E taurin ƙarfen ne, I yana auna kauri da siffarsa, L kuma tsawonsa.

Rodi mai milimita 12, irin wanda magina ke amfani da shi kullum, ya isa misali. Idan tsawonsa mita ɗaya ne, lissafin ya ba da nauyin kusan kilo 200. Idan mita biyu ne, kusan kilo 50 kawai, domin ninka tsawo sau biyu yana raba ƙarfin gida huɗu. A wannan nauyi ƙarfen bai kusa murƙushewa ba. Gefe yake gocewa. Abin da injiniya ke kira nauyin lanƙwasa shi ne daidai inda lissafin ya daina ba da amsa guda.

Gwajin Fredholm yana aiki ne a lissafin da ninka sanadi ke ninka sakamako daidai wa daida, kuma dutsen lilo da rodi suna bin wannan ne idan karkatarsu kaɗan ce. Da lanƙwasa ta yi girma sai a koma cikakken lissafi, inda adadin amsoshi kan iya zama biyu ko uku. Rodin da nauyinsa ya ɗan haura na Euler yana da amsa uku: ya lanƙwasa dama, ya lanƙwasa hagu, ko ya tsaya a miƙe. Ta ukun halal ce a takarda, amma ƙaramin girgiza ya isa ya kawar da ita, kuma ɗan karkacen da rodin ya fito da shi daga masana'anta ne yakan zaɓi gefen da zai faɗa.